Wace kalma za mu sa wa “obados” na farasitamol?

Mai kemis, Kawo: Assalamu alaikum. Zan liƙa sanarwa a shago kan farasitamol. Na rubuta “shan magani da yawa”, amma masu saye suna ɗauka sai an watsa cikin tafi a baki ake nufi. Me ya fi dacewa?

Malamar jinya, Tudun Wada: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni “zarce kima” nake cewa, domin kimar a lissafe take. Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce. Babba ya sha ɗaya ko biyu, ya jira aƙalla awa 4, kuma kada ya haura ƙwaya 8 cikin awa 24, wato miligiram 4,000. Wanda bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, ko mai shan giya, ko wanda ya kwana biyu ba ya cin abinci, tasa kimar ba ta kai haka ba, likita ne zai yanka masa.

Direban Rigasa: Hajiya, ai a ce “guba” kawai. Kuma in mutum bai yi amai ba ya tsira, in ya yi a ba shi madara.

Likita, Barnawa: Malam, gubar gaskiya ce, sauran kuwa a'a. Hanta tana mai da ɗan kaso na maganin zuwa wani sinadari mai suna NAPQI, sai ta kashe kaifinsa da wani abin kariya mai suna gulutatayon da ta tanada. In maganin ya yi yawa tanadin ya ƙare, sinadarin ya koma cin hantar kanta. Madara ba ta taɓa wannan.

A ɗauki mai ciwon haƙori da ya sha bibbiyu da ƙarfe 6, 9, 12, 3 da 6. Ƙwaya 10 ke nan. Ya ƙara maganin mura sau uku, kowanne da 500 na farasitamol a ciki bai sani ba. Jimla miligiram 6,500. Ranar farko tashin zuciya ne kawai, ko ma lafiya lau. Kwana na biyu zuwa na uku ciwo ya kama ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Na uku zuwa na huɗu ido ya yi rawaya, hankali ya rikice, jini ya ƙi tsayawa. Makarinsa asetilsistin ne, a asibiti ake sa shi, ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Duk wanda ya zarce ya tafi nan take da kwalayen, kada ya jira alama.

Malamin Hausa, Unguwar Rimi: “Zarce kima” ta zauna. Amma likita, wannan na tarawa kaɗan-kaɗan yana son sunansa daban. “Zarcewar tari” fa?

Malamar jinya, Tudun Wada: Ranka ya daɗe, a rubuce za su karanta shi tarin maƙogwaro. Alhaji, sa “zarce kima” tukuna, ka rubuta “ƙwaya 8, har da na cikin maganin mura” da manyan baƙaƙe a ƙasa.