Folda mai shafi huɗu, minti biyar aka ba ni: ya kuke tsara firizenteshon na safe?

Ɗalibar aji biyar:
Salam jama'a. An ce ni zan gabatar da kes a karatun safe jibi kuma minti biyar kacal aka ba ni, ga shi not ɗin da haus ofisa ya rubuta ranar da aka kwantar da mutumin ya kai shafi huɗu. Namiji ne ɗan shekara 58, yana da ciwon suga da hawan jini da gazawar zuciya da aka gano shekara biyu da suka wuce, ya zo da haki na kwana biyar da kumburin ƙafa. Na karanta not ɗin da baki ina duba agogo sai da ya haura minti goma ban ma kai gwaje-gwaje ba. Ku da kuka saba, ya kuke yi, me kuke yankewa me kuke bari?

Haus ofisa a medisin:
Ni dai tunda na fara, dokata ɗaya ce, duk abin da ya fito nomal zubar da shi nake. Ribiyu na sistam gaba ɗaya waje, tarihin iyali waje, ciki laushi babu ciwo waje. Za ki ga shafi huɗun nan ya koma ɗaya da rabi. Sai ki faɗi abin da ya kauce kawai.

Rejistira:
Ɗan'uwa rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma zai sa a tsare ta da tambaya tun kafin ta zauna. Akwai nomal ɗin da shi ne hujja. Mutum ya zo da haki, duk wanda ke zaune a ɗakin nan take zai fara lissafi a ransa, nimoniya ce, ko jini ne ya daskare ya toshe jijiyar huhu, ko bugun zuciya ne. In ta ce babu zazzaɓi babu tari mai majina ta rage wa nimoniya ƙarfi, in ta ce kumburin ƙafa biyu ne daidai wa daida kuma bai tofar da jini ba ta rage wa na biyun, in ta ce babu ciwon ƙirji ta taɓa na ukun. Waɗannan ba a yanke su. Wanda ake yankewa shi ne irin kunnensa lafiya, an yi masa aikin kaba yana saurayi.

Ƙanwata ki bar karanta not ɗin daga sama zuwa ƙasa. An rubuta shi ne kashi-kashi don a ajiye, don wanda zai duba dare ya samu komai a gurbinsa, ke kuma magana za ki yi wa mutanen da ba za su iya komawa shafin baya ba. Ni daga ƙarshe nake farawa. Ina ɗaukar farar takarda in rubuta jimla ɗaya ta abin da nake ganin ya faru da maras lafiyan, sannan in koma folda da biro, duk layin da ya goyi bayan jimlar nan ko ya ƙaryata ta in ja masa layi, sauran in bar su inda suke. Gaya min, me kike gani ya faru da shi, kuma magungunan da yake sha fa?

Ɗalibar aji biyar:
Ina ganin gazawar zuciyar ce ta tashi. A shafi na uku wajen magunguna an rubuta metfomin, lisinofiril, furosemaid amma an sa ya daina sati biyu da suka wuce da ya ƙare masa, sai diklofenak da yake sha kullum kusan kwana goma saboda ciwon gwiwa. Awo ranar zuwa: jini 168 bisa 96, bugu 112, numfashi 28 a minti, oksijin kashi 88 ba tare da an sa masa komai ba, zafin jiki 36.8. Jijiyar wuya ta cika, akwai kirefs ƙasan huhu duka biyu, ƙafa na lotsawa har gwiwa. Kiriyatinin 168, fotasiyam 5.4.

Rejistira:
To kin gani, labarin gaba ɗaya yana kwance a shafi na uku inda in kin bi tsarin not sai minti na bakwai za ki iso shi. Ya daina maganin da ke fitar masa da ruwa, ya kuma ɗora wanda ke riƙe gishiri da ruwa yana takura ƙoda. Waɗannan biyun ki ciro su daga jerin magunguna ki kai su cikin tarihin ciwon, a daidai lokacin da suka faru. Farkon zai zama kamar haka:

"Namiji ne ɗan shekara 58 mai gazawar zuciya, hawan jini da ciwon suga, ya zo da haki da ke ƙaruwa kwana biyar. Lafiyarsa ƙalau yake harkokinsa har sati biyu kafin zuwansa, lokacin da furosemaid ɗinsa ya ƙare bai sake samu ba. Kwana goma kafin zuwa ya fara shan diklofenak kullum don ciwon gwiwa. Kwana biyar kafin zuwa ya fara haki in ya yi tafiya, a kwana biyun ƙarshe har a zaune, ba ya iya kwanciya sai ya jingina, ƙafafunsa biyu suka kumbura. Babu ciwon ƙirji, babu zazzaɓi, babu tari."

Ki lura na sa gazawar zuciya gaba da suga duk da a not suga aka fara rubutawa, don ita ta fi kusa da abin da ya kawo shi. Sannan ban ce ranar Talata ko ranar 12 ga wata ba, komai na auna shi da ranar zuwa asibiti, don mai sauraro ba zai tsaya yana ƙirga kwanaki da yatsa ba. Batun jingina da haki a zaune ni na cike su don misali, ki duba abin da ke folda ko ki koma ki tambayi mutumin, kar ki faɗi abin da ba a samu ba don ya yi daɗin ji. Wannan sakin bai kai minti ɗaya ba. Ba shi minti ɗaya da rabi in kin ƙara sauran magunguna da alaji, minti ɗaya awo da duba jiki, minti ɗaya gwaje-gwaje, abin da ya rage na ra'ayinki ne da abin da aka yi masa.

Kiriyatinin 168 shi kaɗai ba ya cewa komai, nemo na baya. In wata uku da suka wuce 95 ne to ƙodar yanzu ta taɓu, in da ma 160 yake yawo to tsohon ciwo ne, kuma wallahi wannan ce tambayar farko da za a yi miki.

Nas a ɗakin yara:
Mu wajen miƙa aiki da safe muna farawa da lambar gado da suna, sai abin da ya faru cikin dare, ruwan da ya shiga da wanda ya fita, sai abin da ya rage a yi. Minti ɗaya ya isa kowane gado. Ban ga me zai kai ki minti biyar ba gaskiya.

Wani ɗan aji shida:
Anti wannan miƙa aiki ne, nata na koyarwa ne, mutane ashirin da ba su taɓa ganin maras lafiyan ba za su zauna su yi tunani tare. Kuma a can ba a faɗin suna ko lambar folda ma, shekaru da jinsi sun wadatar. Amma batun ruwan da ya fita kin tuna min, tunda za a ba shi furosemaid ta jijiya tabbas za a tambayi fitsarin da ya yi cikin dare da nauyinsa, ta leƙa cat ɗin nas da safen kafin ta shiga don not ɗin ranar farko ba zai nuna wannan ba.

Ni inda na saba da Rejistira shi ne diklofenak ɗin. Wajenmu mai jagorantar karatun yana so a tsaya bayan tarihi a bar ɗaki ya yi tambaya, to in kin zuba musu komai a faranti me ya rage su gano? Na taɓa ganin an riƙe irin wannan bayanin har sai da wani ya tambaya ko yana shan maganin da ba likita ya rubuta ba, kuma ranar kowa ya fita da darasin a kansa.

Rejistira:
Na san masu yin haka, ni dai ban so. Riƙe sakamakon hoton ƙirji ko eko har a gama tattaunawa daidai ne, don haka abin ya zo wa likitan da ya karɓe shi ma. Amma abin da aka sani tun a tarihi in kin ɓoye kin koya wa kanki ba da labari da gangan a karkace, kuma gobe a rawun haka bakinki zai saba. Ta tambayi mai jagorantar tun yau, ina zan tsaya, kuma me kake so in riƙe.

Likitar yara:
Ni ina bayan ɗan aji shida a nan, in dai an faɗa wa ɗaki cewa akwai abin da sai sun tambaya. Abin da zan ƙara na takardar ce kanta. Kar ki rubuta jimla-jimla har ƙarshe ki zo kina karantawa kai a sunkuye, ana ganewa nan take don murya takan mutu kuma da an katse ki da tambaya kin ɓata layi. Jimlar farko da ta taƙaitawar ƙarshe su nake rubutawa cikakku in haddace, tsakiya kuwa kalmomi ne kawai a jere, lambobi kuma a gefe guda cikin akwati don su ba a yarda da ƙwaƙwalwa a kansu. A yara nauyi da rigakafi da tarihin haihuwa kan hau sama, a naki mutumin babu ruwanki da su.

Haus ofisa a medisin:
Na karɓi gyara kan nomal. Amma tambaya Dakta, babu ciwon ƙirji da kuka sa, mai suga ne fa, zai iya samun bugun zuciya shiru ba ciwo. Ba zai zama kamar ta rufe ƙofar ba?

Rejistira:
Shi ya sa na ce ta taɓa, ban ce ta kashe ba. A taƙaitawa sai ta ce gazawar zuciya ce da ta tashi, mafi kusa saboda daina furosemaid da shan diklofenak, tare da taɓuwar ƙoda, amma tunda mai suga ne rashin ciwon ƙirji bai wanke shi ba, ga abin da isiji ya nuna ga turofonin. In ba a yi turofonin ba ta ce ba a yi ba, in an ɗauka bai fito ba ta ce ana jira. Ta kuma shirya amsar me aka yi da metfomin da lisinofiril da wannan ƙodar da fotasiyam 5.4.

Ɗalibar aji biyar:
Na samo na baya, 95 ne wata uku da suka wuce. Isiji bugu mai sauri ne kawai da alamar kaurin zuciya, turofonin an rubuta a ɗauka amma ban ga sakamako a folda ba, zan bi lab gobe. An dakatar da metfomin da diklofenak, lisinofiril ne ban ga an ce komai a kai ba, zan tambayi wanda ya karɓe shi. Na sake gwadawa da agogo yanzu minti shida da 'yan daƙiƙu, ina ganin wajen duba jiki ne nake jan ƙafa. Mai jagorantar bai amsa min saƙo ba tukun kan inda zan tsaya.