Sapot yana ɓata mini ƙasan aiki: Tree ko Normal?

Bello Mabera: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina buga mariƙin waya na 'yan kabu-kabu da injin bugun 3D Ender 3, filamen PLA a zafin 215, kaurin leya 0.2, da Cura nake yankawa. Akwai wani rufi shimfiɗaɗɗe mai faɗin santimita 6 da yake rataye a saman gindin abin. In na sa `Tree` sapot ɗin yana fita da sauƙi, amma ƙasan rufin kamar taliya. In na sa `Normal` sai ya manne, jiya da wuƙa na ɓamɓare har na yanke yatsa. Mutum goma ke jirana, ku taimaka.

Sanusi: Wa alaikumus salam. Ka wanke faranti da sabulu, ka bari ya huce kafin ka cire. Ƙurar nan tamu ma tana sa haka.

Bello Mabera: Na gode Sanusi, amma ba a faranti yake mannewa ba, a jikin aikin ne.

Aliyu Gawon Nama: Ni tun da na koma `Tree` ban waiwayi ɗayan ba. Filamen kaɗan yake ci, kuma baya barin tabo. Kai dai ka kai `Support Z Distance` 0.4, da yatsa za ka tsinke shi.

Injiniya Nasiru: Sannu da yatsa, Malam Bello, Allah ya ƙara sauƙi. Aliyu, maganarka gaskiya ce ga irin aikinka na 'yan gumakan dawakai da raƙuma, inda haɓa ko wutsiya kawai ake tokarewa. Nan kuwa rufi ne miƙaƙƙe. Rassan `Tree` a ɗigo-ɗigo suke taɓa shi, sai zaren leyar farko ya lotsa tsakanin reshe da reshe, taliyar ke nan. In kuma aka buɗe tazara zuwa 0.4, zaren zai zubo ta iska kaurin leya biyu kafin ya sami wurin zama, taliyar ƙaruwa za ta yi.

Bello, koma `Normal`, amma ka kunna `Enable Support Interface`. Abin da yake yi shi ne ya shimfiɗa 'yar tabarma mai cikowa a saman sapot, aikinka ya kwanta a kanta baki ɗaya. Leya uku ta isa. Da yake tabarmar ce ke ɗaukar rufin, sapot ɗin da ke ƙarƙashinta sai ka sassauta shi, ya yi saurin murƙushewa da filaya. Fara da wannan:

```
Support Density: 10
Support Interface Thickness: 0.6
Support Interface Density: 80
Support Z Distance: 0.2
```

Ka lura, sapot ɗinka a kan gindin aikin yake tsaye, don haka fuska biyu yake taɓawa, ka tabbata `Enable Support Floor` ma a kunne yake.

Sai zafi. A watan Afrilu a Sakkwato shago yana haura 40, iskar da fankar injin ke hurawa ita kanta mai zafi ce, leda ba ta saurin daskarewa, sai ta narke ta haɗe da tabarmar ko da tazarar daidai take. Sauke nozul zuwa 200 ko 205, fanka ta cika 100. Kada ka buga mariƙin duka don gwaji, nutsar da shi cikin faranti ko ka zana ɗan guntun rufin kaɗai. In ka cire ka ga fararen tabo da ragowar leda a manne, tazara ta yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. In zare yana tsinkewa da farce, tazara ta yi yawa. Ka bari ya huce sarai, ka zura siririn ƙarfe ta kusurwa ɗaya, hannunka a bayansa, tabarmar za ta tashi falle ɗaya.

Hauwa'u: Yaya Nasiru, ni PLA ɗin ne ya fi damuna. Wajen 60 yake fara laushi, na taɓa barin wani mariƙi a mota da rana na tarar ya lanƙwashe, balle a kan babur. Shi ya sa na koma PETG, amma shi da 0.2 ko guduma ba ta raba shi da sapot. Na sa 0.25 sai na ga ƙasan ya zube gaba ɗaya.

Injiniya Nasiru: Wace Cura gare ki? Tsofaffin suna ɗaga tazarar zuwa cikakkiyar leya, 0.25 ɗinki ya koma 0.4 ba ki sani ba. Duba `Preview`, ki ƙirga leyoyin da ba komai tsakanin tabarma da aiki. PrusaSlicer yana ba ki abin da kika rubuta a `Top contact Z distance`.

Aliyu Gawon Nama: Har yanzu ban sallama ba. `Tree` ma ana sa masa tabarmar, kuma rassansa na iya zagayowa daga faranti ba su taɓa gindin ba.

Injiniya Nasiru: Ana sawa. Sai dai zurfin santimita 6 a ƙarƙashin rufi gajere, rassan ba su da tsawon da za su karkato ciki. Ka gwada ka turo hoto.

Bello Mabera: Alhamdulillahi, na gwada a 205, ta tashi falle ɗaya, sai ɗan kaushi da sanfefa ta share. Gindin ne har yanzu yake barin layi-layi. Hajiya Hauwa'u, a ina kike samun PETG, nan gari ko daga Kano ake turo miki?