Me za mu kira "ishu tiri" da ƙa'idar MECE da Hausa?

Mai Fassara: Jama'a, ina fassara wani darasi kan yadda ake gano dalilin faɗuwar riba bagatatan, kalmomi biyu sun tsaya mini. Ta farko zanen nan da Turawa ke kira ishu tiri, inda ake ɗora tambaya ɗaya a sama a yi ta tsaga ta rassa-rassa. Ta biyu ƙa'idar da rassan ke bi, wadda ake rubutawa MECE. In na bar ta haka, Bahaushe zai karanta "mece" ya zauna jiran "ce". A yanzu na rubuta "bishiyar matsala" da "raba-daidai", amma raina bai kwanta ba.

Tsohuwar Akanta: Malam, gara da ranka bai kwanta ba. "Raba-daidai" na nufin kowane reshe ya sami kaso ɗaya da ɗan'uwansa, alhali amfanin zanen shi ne ya nuna reshen da ya fi ɗaukar asarar. Ƙa'idar sharuɗɗa biyu ce: kada abu ɗaya ya faɗa cikin rassa biyu, kada kuma wani abu ya rasa reshen da zai faɗa. Barbara Minto, wadda ta shiga McKinsey, kamfanin ba da shawara kan kasuwanci, a 1963, ita ake danganta wa taƙaitaccen sunan.

Bari mu gwada da lissafi kafin mu raɗa suna. A ce kamfani ya sayar da kaya 10,000 a wata ukun baya, kowane a kan 100, ciniki 1,000,000 ke nan. Kowane ɗaya yana cin 60 kafin ya kai hannun mai saye, jimla 600,000. Haya da albashi da sauran abin da ba ya motsi ko an sayar ko ba a sayar ba, 250,000. Riba 150,000. A wata ukun nan sai riba ta dawo 65,000. Tambayar da za a ɗora a sama ita ce: ina 85,000 ta tafi? Tsagi na farko biyu ne kawai, ko kuɗin shiga ya ragu ko kuɗin fita ya ƙaru, domin riba ba ta da wata ƙofa ta uku. Kuɗin shiga ya tsage zuwa yawan kaya da farashi. Kuɗin fita ya tsage zuwa mai bin yawan kaya da wanda ba ya motsi.

Ɗan Talla: Hajiya, ai wannan sauƙi ne. In kaya sun koma 9,000, farashi ya koma 95, to reshen yawa ya ci 1,000 sau 100, wato 100,000. Reshen farashi ya ci 5 sau 10,000, wato 50,000. Ni dai "ba ƙari, ba ragi" nake ganin ya dace da sunan ƙa'idar.

Tsohuwar Akanta: Ka haɗa su ka gani. 100,000 da 50,000 sun ba da 150,000, amma 9,000 sau 95 ai 855,000 ne, ciniki ya ragu da 145,000 kawai. Wannan 5,000 da ta yi yawa ita ce ragin 5 a kan kaya 1,000 da ba a ma sayar ba. Ka ƙirga ta a reshen yawa, ka sake ƙirga ta a reshen farashi. Maganinsa a tsayar da doka ɗaya: yawa a auna shi da tsohon farashi, farashi a auna shi da sabon yawa, 5 sau 9,000, wato 45,000. Ana iya juya dokar, ko a ware wa 5,000 ɗin nata reshen, muddin an faɗa an kuma tsaya a kai.

Akwai saura. Kuɗin da ke bin yawan kaya ya sauka daga 600,000 zuwa 540,000. Wani zai ga haka ya ce an yi tsimin 60,000, a yaba wa masu sayo kayan aiki. Babu wani tsimi, kaya 1,000 ne ba a yi ba. Abin da raguwar yawa ta ci daga riba shi ne 40 da ke saura a kan kowane ɗaya, sau 1,000, wato 40,000. Haɗa da 45,000 na farashi, 85,000 cif. Ka ga ragin kashi 5 cikin ɗari a farashi ya fi raguwar kashi 10 cikin ɗari a yawa ɓarna, kuma can ya kamata a fara tona: wa ya amince da rangwamen, a wane mako ya fara, ga waɗanne masu saye.

"Ba ƙari, ba ragi" kuwa ya kama rabi. Yana faɗin cewa jimla ta yi daidai, amma jimla na iya daidaita alhali an maimaita 5,000 a nan an tsallake 5,000 a can. Shi ya sa nake cewa "ba maimai, ba tsallake".

Malamin Tsare-tsare: Ina da magana kan ta farkon. "Bishiyar matsala" ta riga ta kama wuri a bakin masu ayyukan raya al'umma, kuma tasu daban ce: matsala a gangar jiki, dalilai a saiwa, illoli a rassa, babu mai tilasta wa dalilan kada su shiga juna. In aka ba zane biyu suna ɗaya, mai karatu zai zuba "rashin kulawar ma'aikata" da "tsadar rayuwa" a matsayin rassa ya ɗauka ya gama. Tunda kowane reshe a nan tambaya ce da ake iya amsawa da adadi, a ce "bishiyar tambaya".

Ƙaramar Manaja: Ni ma "bishiyar tambaya" ta fi mini. Amma Yaya, ina zan sa abokin gasa? A tawa na raba masu saye zuwa sababbi, manya, da masu saye ta intanet, sannan na ƙara reshen "gasa", jimlar ta wuce asarar.

Malamin Tsare-tsare: Dole ta wuce. Mutum ɗaya na iya zama sabo, babba, kuma mai saye ta intanet, ya shiga gida uku. Ma'auni ɗaya ake ɗauka a kowane mataki: sabo da tsoho, sannan a ƙarƙashin kowanne babba da ƙarami. Gasa kuma ba reshen lissafi ba ce, dalili ce, tana iya taɓa farashi ta taɓa yawa lokaci guda. Sai kin kai ƙarshen reshe, kin san 45,000 a farashi take, sannan ki tambaya ko gasa ce ta tilasta rangwamen ko kuwa masu talla ne ke neman cika adadinsu. A matakin dalilai ƙa'idar ba ta tsayuwa tsaf kamar a matakin lissafi, gaskiya ke nan. Ki kuma lura da reshen "sauransu": in ya fi wani reshe mai suna kauri, akwai abin da aka ɓoye ciki, galibi kayan da aka dawo da su ko bashin da aka yafe.

Game da ƙa'idar, ni "ba karo, ba giɓi" na fi so. Ya fi gajarta, kuma giɓi abu ne da ido ke gani a zane.

Tsohuwar Akanta: Giɓi na karɓa, karo ne ban yarda ba. Karo na nuna abu biyu suna gaba da juna, alhali rassan Ɗan Talla ba su yi faɗa ba, hannu suka sa a kuɗi ɗaya.

Ɗan Talla: To "ba maimai, ba giɓi" fa? Kowa ya sami rabi.

Mai Fassara: "Bishiyar tambaya" ta shiga darasi. Na ƙa'idar zan rubuta "ba maimai, ba giɓi" a babin farko tare da misalin 5,000 ɗin Hajiya. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan yi in ana bukatar siffa, domin "rassa marasa maimai marasa giɓi" ya yi wa taken jadawali tsawo. Akwai mai gajeruwa?