Tabo ɗaya a dantsen yarinya, ba ƙaiƙayi ba zafi: gida, kemis ko asibiti?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina neman shawararku a kan 'yata mai shekara 15. Wata uku ke nan da wani tabo ya fito mata a bayan dantse, fatar wajen ta yi haske kamar an ɗauraye ta. Da farko bai wuce murfin kwalba ba, yanzu ya kusa tafin hannun jariri. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi. Mai kemis ya ce kyasbi ne, ya ba mu man shafawa mai haɗi uku, mun yi sati biyu babu canji. Babanta ya ce a bar shi tunda ba ya damun ta. In ci gaba da na gida, in koma kemis a canza magani, ko ya kai a je asibiti?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Kyasbi ne mana, ba wani abin tayar da hankali ba. Mu da muka tashi, lemon tsami ake matsawa a goga, a bi da man kaɗanya. Duk jikokina sun yi, ya wuce. Ki hana ta saka rigar da ta yi gumi a ciki, ki ware mata soso da tawul.

Ummi: Anti ki bincika jakarta da kyau. 'Yan matan yanzu da man ƙara haske suke, ni ƙanwata haka fuskarta ta yi dabbare-dabbare kafin mu gane.

Maman Ilham: Ummi, ba a fuska ba ne, a dantse ne, kuma guda ɗaya tak. Basilin kawai take shafawa.

Malam Auwalu: Ni a kemis nake zama, kuma zan faɗi gaskiya ko da ta taɓa sana'armu. Wannan mai haɗi ukun ki dakatar da shi daga yau. A ciki akwai maganin gwari, akwai na ƙwayoyin cuta, akwai kuma sitiroyid mai ƙarfi. Sitiroyid ɗin ne ke sa mutane son shi don yana kashe ƙaiƙayi nan take, amma shi kansa yana kodar da fata ya sirantar da ita, kuma idan makero ne sai ya ɓoye shi ya bar shi yana yaɗuwa. Idan kyasbi ne, abin da ya dace shi ne shamfu na ketokonazol: ta shafa a jiƙaƙƙen jiki, ta bar kumfar minti 5, ta wanke, kullum har kwana 5. Sannan ki yi haƙuri, launin fata ba ya dawowa da wuri, yakan ɗauki watanni bayan cutar ta mutu. Don haka rashin canji a sati biyu ba hujja ba ce. Ki gwada wannan na wata guda, in bai yi ba sai asibiti.

Sista Rabi: Malam Auwalu ya yi daidai a kan mai haɗi uku, da kuma jinkirin dawowar launi. Inda ban bi shi ba shi ne a jira wata guda. Na daɗe ina aiki a asibitin sha-ka-tafi, kuma yadda Maman Ilham ta kwatanta tabon nan bai zauna mini a kan kyasbi ba.

Kyasbi ba ya son zama shi kaɗai. Yakan fito ƙanana-ƙanana da yawa a ƙirji, baya, wuya da kafaɗa, wuraren da gumi da maiƙo ke taruwa, daga baya su haɗe. In kika kankara shi da farce a hankali, za ki ga wani gari-gari kamar dusa ya tashi. Makero kuwa ƙaiƙayi yake yi, bakinsa a tashe kamar zobe, tsakiyarsa na washewa. Akwai kuma farin tabon da yara ke yi a kumatu lokacin hunturu saboda bushewar fata, wanda basilin ke isar masa. Waɗannan duk ana iya farawa da gida ko kemis, a ba su sati biyu zuwa huɗu.

Amma tabo ɗaya tilo, mai girma a hankali, ba ƙaiƙayi, ba dusa, akwai tambayar da dole a yi masa kafin a sake sayen komai: wajen yana ji kuwa? Ga yadda za ki duba yau da rana, a waje mai haske. Ki murɗa auduga ta yi tsini. Idonta a buɗe, ki taɓa lafiyayyar fata, ki ce ta nuna miki da yatsa daidai inda kika taɓa, har ta gane wasan. Sai ta rufe ido. Ki riƙa taɓawa a hankali, ba shafawa ba, wani lokaci a tsakiyar tabon, wani lokaci a gefe, wani lokaci a ɗaya dantsen, ba tare da tsari ba don kar ta yi hasashe. Kar ki tambaye ta "kin ji?", yara kan ce eh don a ƙyale su. Ki bar yatsanta ya ba ki amsa. Ki kuma lura ko wajen yana gumi kamar sauran jiki bayan ta yi aiki, da ko ƙananan gashin wajen suna nan.

Idan jin wajen ya ragu, wannan ba aikin kemis ba ne, domin farin tabo marar ji yana daga manyan alamomin farkon kuturta. Ban ce ita ce ba, ban ga yarinyar ba. Cewa nake a duba.

Hajiya Babba: Subhanallahi! Haba Rabi, daga tabo sai kuturta? Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Gidansu akwai mai ita ne? Kar ki ɗaga wa baiwar Allah hankali.

Sista Rabi: Hajiya, a yi mini afuwa, na san sunan yana da nauyi. Amma ba gadonta ake yi ba. Ƙwayar cuta ce da ake shaƙa ta hanci daga wanda bai sha magani ba, bayan doguwar mu'amala, kuma mafi yawan mutane jikinsu na kashe ta da kansa. Takan kwanta kamar shekara 5, wani lokaci har 20, kafin ta nuna kai, shi ya sa iyali kan rasa inda aka samo ta. Guntulewar yatsun da kike tunawa ba farkonta ba ne, ƙarshen wadda aka bari ne. Jijiya take ci. In jijiya ta mutu, mutum ya ƙone ko ya taka ƙusa bai sani ba, gyambo ya shiga. Lemon tsami a irin wannan wajen ma haɗari ne, don zai iya cin fatar ba ta ji ba.

Baban Khalifa: Ni kam ba zan yi shiru ba, don mun gani a gidanmu. Ƙanina ya yi shekara biyu da irin wannan a gadon baya. Mun saye man shafawa ya fi kala shida, an yi turare, an yi rubutu, har aka ce sammu ne. Abin da ya farkar da mu, wata rana ya ɗauki kofin shayi mai zafi, ƙaramin yatsansa ya tashi bororo, shi ko a jikinsa. Da aka kai shi, ma'aikacin ya lalubi jijiyar gwiwar hannunsa ya ce ta yi kauri. Ya sha magani shekara guda, ko kwabo ba mu biya ba. Ya warke, ya yi aure, yana ɗinkinsa. Amma yatsunsa biyu har yau a ɗan lanƙwashe suke, don an ce mun makara. Kuɗin da muka zuba a kemis ya ninka kuɗin motar asibiti sau nawa.

Maman Ilham: Na gwada, Sista. Sau goma na taɓa cikin tabon, sau huɗu kawai ta nuna daidai, sauran ko dai ta yi shiru ko ta nuna gefe. A ɗaya hannun duk ta nuna. Na kankara, ban ga dusa ba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Babanta kuma ya ce in aka gan mu a layin masu kuturta, magana za ta zaga unguwa, yarinya ce mace.

Malam Auwalu: To na janye maganar wata guda. Sai dai dusar kar ki dogara da ita, man da aka yi sati biyu ana shafawa zai iya kwantar da ita. Kuma don Allah kar wani ya sayar miki da rifamfisin a kemis ya ce shi ne maganin, shan shi shi kaɗai ɓata lamari yake yi.

Sista Rabi: Gwajin gida yana iya kuskure, bayan dantse dama ba shi da kaifin ji kamar tafin hannu, kuma yarinya a tsorace takan rikice. Amma huɗu cikin goma a nan, goma cikin goma a can, ya isa dalilin zuwa cikin satin nan. Ba gaggawar dare ba ce, ba kuma abin a jira bayan salla ba.

Babu wani layi da aka rubuta wa suna. Ki je babban asibitin da ke kusa ko asibitin sha-ka-tafi, ki yanki kati kamar kowa, ki ce tabo ne da ba ya ji. A Najeriya shirin tarin fuka da kuturta a haɗe yake, kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in da ke kula da su, shi za a haɗa ku da shi. In kuna kusa da Zariya akwai cibiyar Saye, a Kano akwai asibitin Yadakunya. Kar ki shafa mata komai daga yau har a gan ta, ki tafi da kwalin man da kuka yi amfani da shi. Za su duba duk jikinta, don sau da yawa akwai wani tabon a baya ko ɗuwawu da ba a lura da shi ba. Za su sake gwajin auduga, su lalubi jijiyoyin gwiwar hannu da bayan gwiwa, wataƙila su ɗan tsaga fatar kunne su ɗebi ruwa. Ko wannan bai nuna ƙwaya ba, ba ya kore cutar, mai tabo kaɗan yawanci ba a ganin komai a nasa.

In ta tabbata, mai tabo ɗaya zuwa biyar wata 6 yake shan magani, wanda ya wuce haka ko jijiya ta taɓu wata 12, kyauta ne. Da ta fara sha ta daina yaɗawa, makarantarta za ta ci gaba da zuwa, ba a ware mata kwano. Fitsari kan yi ja ranar shan maganin da ake sha sau ɗaya a wata, fata kuma kan yi duhu na wani lokaci. Za a so a duba sauran 'yan gidan ma.

Hajiya Babba: Ni dai har yanzu raina na ba ni kyasbi ne. Amma ku je ɗin, a cire shakka. Shi maigidan ki ce masa asibitin fata za ku, ai ba ƙarya kika yi ba.

Maman Ilham: Na gode muku. Ya amince mu je ranar Litinin, da sharaɗin ba asibitin unguwarmu ba. Sista, ƙannenta biyu da suke kwana ɗaki ɗaya, in tafi da su ranar ko in bari sai an ga nata tukuna?

Sista Rabi: Ki fara da ita. Amma kafin Litinin ki tuɓe su da rana ki duba bayansu da cinyoyinsu, in kin ga tabo a jikin wani sai ki haɗa da shi.