Wasiƙar neman malamin piyano: abin da aka fi nanatawa

Wata ma'aikaciyar jinya a Sakkwato ta nemi shawarar masu kiɗa a kan wasiƙar da za ta aika wa malamin piyano, ita da ba ta taɓa zama gaban malamin kiɗa ba.

Aka ce ta cire "ina son in iya piyano", don malami ba ya tsara darasi a kan wannan. Ta rubuta cewa burinta buga taken Najeriya da hannu biyu, kuma tana son koyon karanta rubutun kiɗa, tunda hanyar mai karatu daban take da ta mai bin kunne.

An fi daɗewa a kan lokaci. Aka ce ta faɗi ranakun aikin dare, ta nemi darasin mako-mako bayan La'asar, ta ambaci canjin da azumi zai kawo. Ta kuma faɗi mintin da za ta samu kullum. Minti 20 a kowace rana ya fi awa biyu ranar Asabar, domin yatsu da maimaici suke sabawa.

Aka kuma ce ta bayyana abin da ke gidanta: kibod, wato ƙaramin piyanon lantarki, mai maɓalli 61, alhali cikakken piyano 88 gare shi. Ya isa mafari, amma ta faɗa ko sautinsa na ƙaruwa in an danna da ƙarfi.

Abin da ta koya a bidiyon waya kuwa, wasu sun ce kada ta ambace shi a wasiƙar. Ni na fi yarda da wanda ya ce: "Malama, rubuta cewa da hannun dama kaɗai kike bugawa, malam ya san zai fara da hagu da gyaran wuyan hannu."