Hoton da ya ce tsada ta sauka: kowa ya faɗi abin da ya gani

Ɗan Auta: Assalamu alaikum. Kawuna ne ya turo hoton nan a zauren danginmu, ya rubuta "ku 'yan boko ku yi min bayani". Sanduna biyu ne. Ta hagu ja ce, doguwa, an rubuta Disamba 2024 a ƙasanta, 34.80 a kanta. Ta dama koriya, 'yar guntuwa, Janairu 2025, 24.48. A sama an sa "Hauhawar farashi a Najeriya". Idan ka kalle shi sai ka rantse kaya sun faɗi warwas cikin wata guda, amma shi Kawu ya ce cefanen gidansa bai shaida ba. Wanda ya taɓa cin karo da wannan ko irinsa ya taimaka, me zan ce masa?

Baba Ɗan Fansho: Ƙarya ce tsagwaronta, ɗana. Lissafin takarda ne. Ka ce masa ya share hoton ya huta.

Malamin Lissafi: Baba, a yi haƙuri, lambobin nan biyu ba ƙirƙira ba ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta fitar da su, kuma haka suke. Aikin da aka yi yana jikin zanen ne. Ɗan Auta, buɗe hoton da kyau ka duba layin tsaye na gefen hagu, wanda lambobi ke jere a jikinsa. Wace lamba ce a can ƙasa, inda sandunan suka dira?

Ɗan Auta: 20 ce, Malam. Sai 25, sai 30, sai 35. Ƙanana ne ƙwarai, sai da na ja hoton da yatsu biyu na gan su.

Malamin Lissafi: To ga shi nan. An datse wa sandunan gindi. Ido ba ya karanta lamba da farko, tsawo yake aunawa, shi ya sa sanda dole ta taso daga sifili. Tunda daga 20 aka fara, abin da aka zana na jar shi ne 34.80 a cire 20, wato 14.80. Na koriyar kuma 24.48 a cire 20, saura 4.48 kawai. Raba 4.48 da 14.80, za ka ga koriyar ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na jar ba. Alhali idan ka raba ainihin lambobin, 24.48 da 34.80, kusan kashi bakwai cikin goma za ka samu. Da an faro daga sifili, da koriyar ta kai wa jar wajen ƙirji.

Ni a aji ruler ba na cewa su ɗauko, tsinken tsintsiya nake ba yara. Su auna gajeruwar a kan takarda, su karya tsinken daidai nan, su ga sau nawa zai shiga doguwar. Idan tsinke ya ce sau uku, lambobi kuma suka ce sau ɗaya da ɗoriya, an taɓa ma'aunin. Akwai wani da nake nuna musu kowace shekara, na gidan talabijin na Fox News a Amurka a 2012, kan haraji: kashi 35 da kashi 39.6, amma layin ya fara daga 34. Sanda ɗaya ta ninka ɗayar fiye da sau biyar, bambancin gaskiya kuwa bai kai maki biyar ba.

Mai Shagon Waya: Shi ke nan, doka ta fito. Duk jadawalin da bai fara daga sifili ba yaudara ce. Ni daga yau da na ga haka sai in wuce.

Anti Nas: A'a ƙanena, kada ka yi wa abin kuɗin goro. Takardar zafin jiki da muke cikawa a gadon majinyaci daga wajen 35 take farawa, ta ƙare a 41 ko 42. Wanda zafinsa ya tashi daga 37 zuwa 39.5 yana cikin zazzaɓi mai ƙarfi. Ka zana wannan daga sifili, layin zai kwanta kusan miƙe, likita ya zo zagaye ya ga kamar lafiya ƙalau. Mu ɗigo muke sawa mu haɗa da layi, abin da ake nema shi ne hawa da sauka, ba tsawon komai ba. Abin da Malam ya faɗa na sanduna ne. Na layi yana iya farawa daga inda ya dace, in dai an rubuta lambobin a fili yadda mai kallo zai gani.

Malamin Lissafi: Haka ne Anti, na gode da gyaran da kika yi masa. Sai dai na layin ma ana wasa da shi. A matse faɗinsa a ja tsawonsa, ƙaramin tudu ya zama dutse.

Akawu: Ni abin da ya fi damuna da hoton ba datsewar ba ce. Ko an gyara shi ya taso daga sifili, bai kamata sandunan nan biyu su tsaya gefe da gefe babu gargaɗi ba, domin ba da ma'auni ɗaya aka auno su ba. A farkon 2025 hukumar ta sabunta yadda take lissafin. Da tana kwatanta farashi da na shekarar 2009, sai ta koma 2024. Kayan da ake bibiyar farashinsu sun ƙaru daga 740 zuwa 934. Nauyin abinci a cikin lissafin, wanda da ya haura rabi, ya sauko zuwa wajen kashi 40 cikin ɗari, kuma abinci ne ya fi komai tashi a lokacin. Lambar Disamba ta tsohon lissafi ce, ta Janairu ita ce ta farko a sabon. Kamar ka auna gero jiya da tiya, yau da mudu, sannan ka jera lambobin ka ce ga yadda ya canja.

Sabuntawar ba laifi ba ce, ƙasashe na yin ta, tamu ma jinkiri ta yi. Abin da mutum ke kashe wa kuɗi a 2009 ba shi ne na yau ba, ku tuna kuɗin data kaɗai. Amma mai zane na ƙwarai yakan ja tsinkakken layi tsakanin watannin biyu, ko ya sa tauraro da bayani a ƙasa. A wurin aikinmu an taɓa kawo irin wannan cikin takardun taro, wani babba ya ɗora yatsa a kai ya ce tunda tsada ta sauka da maki goma, maganar ƙarin alawus ta jira. Sai da na tashi na zana masa layin a allo kafin ya sauke yatsan. Alawus ɗin dai bai zo ba, wannan kuma wani zance ne.

Alhaji Mai Hatsi: Ni ban san sanda ja ko koriya ba, amma ku yi adalci. Ina kasuwar Dawanau, kuma masara da gero sun sauko a 2025, waɗanda suka tara kaya a sito sun ji a jikinsu. To in hoto ya ce an samu sauƙi, ina ƙaryar?

Akawu: Alhaji, abin da ka gani gaskiya ne, sai dai hoton ba shi yake aunawa ba. Lambar nan ba farashi ba ce, saurin tashin farashi ce, kuma ta haɗa komai da komai: haya, kuɗin mota, magani, makaranta, har da hatsinka. 24.48 na nufin kayan sun fi na Janairun 2024 tsada da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A ƙaddara abu na naira 1,000 ne. Ya yi shekara yana tashi da kashi 34.80, ya zama 1,348. Shekara ta biyu tashin ya ragu zuwa 24.48, ya zama wajen 1,678. Sandar ta gajarta, kuɗin da ke fita daga aljihu ya ƙaru. Kafin a ce kaya gaba ɗaya sun sauka, sai lambar ta faɗa ƙasa da sifili. Masara na iya araha a Dawanau lambar ƙasa tana nan a sama da ashirin, babu saɓani.

Alhaji Mai Hatsi: To na ji. Amma ni har gobe buhu nake tambaya, ba kashi cikin ɗari ba.

Maman Tagwaye: Tunda ana maganar buhu. Ƙungiyarmu ta mata ta samu takardar wani kamfanin taki, an zana buhu biyu, na wanda ya sa takinsu da na wanda bai sa ba. Rubutun ya ce amfanin ya ninka biyu. Amma babban buhun, wallahi ƙaramin zai shiga cikinsa sau huɗu. Mijina ya ce idona ne.

Malamin Lissafi: Ba idonki ba ne, Hajiya. Sun ninka tsawon, kuma don kada buhun ya fito siriri kamar gora sai suka ninka faɗin ma. Biyu sau biyu huɗu. Duk inda aka sa hoton abu a madadin sanda, buhu ne, ganga ce, mutum ne, ki karanta lambar ki ƙyale girman.

Mai Shagon Waya: Amma fa wataƙila wanda ya haɗa na Ɗan Auta bai yi da gangan ba. Ni na sha sa lambobin ciniki a Excel in ga ya yanke ƙasan da kansa.

Akawu: Yana yi, amma sai lambobin sun yi kusa da juna sosai, idan ƙaramar ta haura kashi biyar cikin shida na babbar. A nan biyar cikin shida na 34.80 shi ne 29, kuma 24.48 tana ƙasa da haka, don haka da Excel aka bar wa zaɓi daga sifili zai fara. In da shi aka yi, hannu ne ya shiga Format Axis ya rubuta 20 a Minimum. Kai ma nan za ka shiga ka mayar da naka 0.

Anti Nas: Ba kowa ke amfani da Excel ba ai. Yaran nan a waya suke haɗa zane, su ja sanda da yatsa yadda ta yi musu kyau. Ni ba zan yanke cewa mugunta ce ba. Jan launi da kore dai sun nuna inda zuciyarsa ta karkata.

Ɗan Auta: Na sake dubawa, ƙasan hoton a yanke yake, ana ganin kawunan wasu haruffa kawai. Ko sunan wanda ya yi ne, ko bayanin da Akawu ke magana ne, ba ya karantuwa. Na tambayi Kawu inda ya samo, ya ce wani abokinsa na masallaci ne, shi ma turo masa aka yi.

Malamin Lissafi: To ka zana masa sabo a takarda, daga sifili, kowane santimita ɗaya ya tsaya a matsayin maki biyar. Jar za ta kai kusan santimita 7, koriyar kusan 5. Ka ja tsinkakken layi a tsakaninsu ka rubuta "an canja lissafi". Ka ɗauki hotonsa ka tura masa tare da lissafin naira dubun nan na Akawu.

Baba Ɗan Fansho: In ka zana ka turo min ni ma. Ina da mutum uku da za mu yi musu da su bayan la'asar.