Mahaifin Yusufu mijin Maryamu: Yakubu ne ko Heli?

Malama Rifkatu: Salama gare ku 'yan'uwa. Ina koyar da ajin matasa, sai wata yarinya ta nuna mini Matiyu 1:16, inda aka ce Yakubu ne ya haifi Yusufu mijin Maryamu, ta kuma buɗe Luka 3:23, inda aka ce Yusufu ɗan Heli ne. Sunayen kakannin ma ba su zo ɗaya ba. Me ya kawo haka, kuma me zan ce musu ranar Lahadi?

Istifanus: Malama, abin mai sauƙi ne. Matiyu ya rubuta asalin Yusufu, Luka ya rubuta na Maryamu. Heli mahaifin Maryamu ne, Yusufu surukinsa. Haka aka koya mana tun muna yara.

Baba Fasto: 'Yata, kafin ki ɗauki kowace amsa, samu takarda ki ja layi a tsakiya. Rubuta sunayen Matiyu 1:2-16 a hagu. Na Luka 3:23-34 kuwa ki fara su daga ƙarshe, domin shi daga Yesu yake komawa baya. Daga Ibrahim zuwa Dawuda layukan biyu tare suke tafiya, in ban da aya ta 33 ta Luka, inda tsofaffin rubuce-rubucen hannu suka sha bamban a kan suna ɗaya ko biyu. Rabuwar tana farawa ne kan 'ya'yan Dawuda. Matiyu ya bi Sulemanu da sarakunan Yahuza, Luka ya bi Natan, ɗan'uwan Sulemanu wanda bai yi sarauta ba, sunansa na cikin 2 Sama'ila 5:14. Suna sake haɗuwa kan Sheyaltiyel da Zarubabel, sai su rabu kuma har Yusufu.

Yanzu ƙirga. Tsakanin Dawuda da Yusufu, Matiyu yana da suna 25, Luka yana da 40. Tun nan za ki san ɗaya ya tsallake mutane, kuma Matiyu ne, ana iya kama shi da hannu. Buɗe 1 Tarihi 3:11-12. Bayan Yoram akwai Ahaziya, Yowash, Amaziya, sannan Azariya, wanda shi ne Uzziya na Matiyu (a nan mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗauka mutum biyu ne). Matiyu 1:8 ya tashi daga Yoram ya sauka kan Uzziya, sarki uku sun fita. A aya ta 11 ya sake cire Yehoyakim tsakanin Yosiya da Yekoniya. Shi da kansa ya nuna abin da yake nema a aya ta 17: kashi uku, kowanne tsara 14. Yawancin masana suna danganta wannan da sunan Dawuda, wanda haruffansa uku na Ibrananci ke da ƙimar lamba 4, 6, 4, jimillarsu 14. Ki shirya ma, yaro mai wayo zai ƙirga kashi na uku ya samu 13, sai an ƙirga Yekoniya sau biyu yake cika.

Amma kada ki ce musu tsallake ya warware komai. Tsallake yana bayyana dalilin da jeri ɗaya ya fi guntu. Ba ya bayyana yadda mutum zai fito daga Sulemanu kuma daga Natan ta wajen uba.

Istifanus: To ai shi ya sa na ce na Maryamu ne, Baba.

Malam Ayuba: Ɗan'uwa Istifanus, maganarka tana da ƙafa, amma ba ta kai yadda kake faɗinta ba. Masu wannan ra'ayi suna riƙe da abu biyu. Luka ya ce Yesu, "yadda ake zato", ɗan Yusufu ne, sai su karanta wannan a matsayin magana ta gefe, su haɗa Yesu kai tsaye da Heli kakansa na wajen uwa. Suna kuma nuna cewa a Isra'ila mutumin da ba shi da ɗa namiji sunansa kan ci gaba ta wajen mijin 'yarsa. Akwai misali na gaske a Ezra 2:61, wani firist ya auri 'yar Barzillai aka riƙa kiransa da sunan gidan matarsa. Dokar 'ya'yan Zelofehad a Littafin Ƙidaya 27 da 36 ita ma tana taimaka musu.

Ga inda take ɗingishi. Babu sunan Maryamu ko sau ɗaya a Luka 3:23-38, alhali Luka ne ya fi kowa ba ta wuri a labarin haihuwa. Inda ya danganta ɗayansu da gidan Dawuda, Yusufu yake nunawa, duba 1:27 da 2:4. Abin da ya faɗa game da dangin Maryamu shi ne Alisabatu 'yar'uwarta ce, ita kuwa Alisabatu daga zuriyar Haruna take, wato Lawiyawa (1:5 da 1:36). Wannan bai hana Maryamu zama 'yar gidan Dawuda ba, ana aure tsakanin kabilu, amma bai tabbatar ba. Rubutun da ake kira Bisharar Yakubu, na ƙarni na 2, wanda ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, ya ce sunan mahaifinta Yowakim. Sannan ra'ayin bai bazu sosai ba sai wajen shekara ta 1500, bayan rubuce-rubucen wani malamin ikilisiya ɗan Italiya, Annius na Viterbo. Ki faɗa wa yara cewa fassara ce mai yiwuwa. Kada ki ce haka ayar ta ce.

Mama Talatu: Ni ma jikana ya taɓa kawo mini irin wannan. Wai wani Kenan yana Luka 3:36 amma ba ya Farawa 11. Ko duk matsala ɗaya ce?

Malam Ayuba: A'a Mama, wancan daban ne, kuma an san sanadinsa. Tsohuwar fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari, Saftuwajin, tana da wannan sunan tsakanin Arfakshad da Shela, rubutun Ibrananci ba shi da shi. Jerin Luka ya yi daidai da na Helenanci. Bai shafi Matiyu ba, tunda shi daga Ibrahim ya fara.

Baba Fasto: Bari in kawo bayanin da ya fi tsufa. Wani marubuci Kirista, Julius Africanus, ne ya rubuta shi a farkon ƙarni na 3, cikin wasiƙa zuwa ga wani Aristides, Eusebius kuma ya adana ta a littafinsa na tarihin ikilisiya. Ya jingina shi kan dokar Maimaitawar Shari'a 25:5-6: in mutum ya mutu bai bar ɗa ba, ɗan'uwansa ya auri matar, ɗan farin da ta haifa a kira shi da sunan mamacin.

Bi shi a hankali. Wani mutum mai suna Matan, daga zuriyar Sulemanu, ya auri wata mace mai suna Esta, ta haifa masa Yakubu. Matan ya rasu. Malki, daga zuriyar Natan, ya aure ta, ta haifa masa Heli. Ke nan Yakubu da Heli uwa ɗaya uba kowa da nasa. Heli ya yi aure ya rasu ba ɗa. Yakubu ya auri matarsa, ta haifi Yusufu. Ta jini Yusufu ɗan Yakubu ne, ta shari'a ɗan Heli. Zana wannan a allo, yara za su gane cikin minti biyar.

Sai dai yana da ɓaraka biyu, kuma ni ban iya toshe su ba. A Luka da ke hannunmu, Heli ɗan Matat ne, ɗan Lawi, ɗan Malki. Africanus ya sa Malki ya zama uban Heli kai tsaye, sunaye biyu sun faɗi a lissafinsa. Ta biyu ta fi nauyi: malaman Yahudawa sun fahimci wannan doka a kan 'yan'uwa da suka haɗa uba, domin gado da suna ta wajen uba suke bi. 'Yan'uwa ta wajen uwa kaɗai, kamar Yakubu da Heli na wannan labari, dokar ba ta hau kansu ba. Shi kansa Africanus ya ce daga dangin Yesu labarin ya gangaro, ya kuma amsa cewa ba shi da shaidar da za ta tabbatar da shi.

Malam Ayuba: Ƙara da wannan, Baba: ko an yarda da shi a kan Yusufu, sai an sake neman wata dabara a kan Sheyaltiyel, wanda Matiyu ya ce ɗan Yekoniya ne, Luka ya ce ɗan Neri. A nan ne ra'ayi na uku ya fi ƙarfi, wanda J. Gresham Machen ya kare a littafinsa na 1930. Wai Matiyu magada gadon sarauta yake jerawa, Luka kuwa haihuwa yake bi. Kamar jerin sarakunan gari ne a wurinmu, wanda ya biyo baya ba lallai ɗan na gabansa ba ne, yana iya zama ƙane ko ɗan wani ɗaki. Irmiya 22:30 ya ce a rubuta Yekoniya a matsayin marar 'ya'ya, ba wani daga zuriyarsa da zai zauna a kursiyin Dawuda. In reshen Sulemanu ya yanke a kansa, haƙƙin sai ya koma gidan Natan, Sheyaltiyel ɗan Neri ya zama magaji. Matsalarsa ita ce 1 Tarihi 3:17 ta lissafa Sheyaltiyel cikin 'ya'yan Yekoniya, Matiyu kuma "ya haifi" yake cewa a kowane mataki.

Ni dai abin da na fi karkata gare shi ya fi wannan sauƙi. Masana irin su Raymond Brown suna ganin marubutan biyu kowa jerin da ya iso hannunsa ya yi amfani da shi, ba tare da ya ga na ɗayan ba. Bayan Zarubabel babu abin da za a gwada su da shi: Matiyu ya ci gaba da Abihud, Luka da Resa, kuma ba ɗayansu a cikin 'ya'yan Zarubabel da ke 1 Tarihi 3:19-20. Zarubabel yana jagorantar ginin Haikali wajen 520 kafin haihuwar Almasihu, wato kusan shekara 500 kafin Yusufu. Matiyu ya cike wannan tazara da suna 9, kusan shekara 50 ke nan kowace tsara, abin da ya yi yawa. Luka ya sa 18, shekara 26 ko 27, wanda ya fi kama da yadda ake haihuwa. Wannan yana nuna jerin Luka ya fi cika, bai nuna kowane suna a ciki daidai ne ba.

Baba Fasto: A nan ni da Malam Ayuba muka rabu. Ni ina ganin akwai wani aure ko riƙo da ya haɗa gidajen biyu, labarinsa ne ya ɓace mana. Amma tambayar yarinyar nan tsohuwa ce. Wanda ya kwafi tsohon littafin Bisharu da ake kira Codex Bezae, wajen shekara ta 400, abin ya dame shi har ya cire sunayen Luka daga Yusufu zuwa Dawuda ya zuba na layin sarakuna a wurinsu. Littafin yana Cambridge har yau.

Malama Rifkatu: Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malam. Zan sa su yi jadawalin da hannunsu, rukuni ɗaya ya ɗauki Matiyu da 1 Tarihi 3, ɗaya ya ɗauki Luka. Abu ɗaya ya rage mini: na buɗe 1 Tarihi 3:19 yanzu, na ga Zarubabel ɗan Fedaiya aka rubuta, ba ɗan Sheyaltiyel ba.

Malam Ayuba: Haka yake a Ibrananci, Malama. Ezra 3:2 da Haggai 1:1 kuwa Sheyaltiyel suka ce, su ne Matiyu da Luka suka bi. Fedaiya yana cikin jerin 'yan'uwan Sheyaltiyel a aya ta 18, don haka wasu ke ganin a nan auren matar ɗan'uwa ya fi zama daram fiye da kan Yakubu da Heli, tunda waɗannan sun haɗa uba. Ayar dai ba ta ce an yi auren ba.